Kamfani zai tura ni reshensa na Landan: wata goma sha biyun da ake nema, da albashin da ake ƙirgawa

Tambaya: Ina aiki a sashen na'ura mai ƙwaƙwalwa na wani kamfani a Abuja wanda yake da reshe a Landan, kuma suna son in koma can a watan Janairu. Wata goma sha huɗu ke nan ina wannan ofis, amma wata biyar na farko a ƙarƙashin kamfanin da ke kawo musu ma'aikatan kwantiragi na yi su, sai ranar 1 ga Fabrairu suka ɗauke ni kai tsaye. A watan Yuni sun tura ni Landan kwas na mako uku. Tayin da suka yi mini fam 57,000 ne a shekara: ainihin albashi fam 35,000, alawus na gida fam 18,000, da bonas fam 4,000. Shin na cika sharuɗɗan bizar canjin wurin aiki, ko akwai abin da ya rage?

Amsa: Malam, a yadda takardunka suke a yau, ba ka cika ba, kuma a wuri biyu ne. Dukkansu suna gyaruwa, sai dai ɗaya haƙuri yake buƙata, ɗayan kuma sake rubuta tayin albashi.

Bizar da ake magana a kanta sunanta Senior or Specialist Worker, ɗaya daga cikin hanyoyin da Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ta tara a ƙarƙashin Global Business Mobility a watan Afrilun 2022, lokacin da aka soke tsohuwar bizar Intra-Company Transfer. Waɗannan su ne sunayen da za ka gani a shafin neman biza. Hikimar wannan hanya ita ce kamfani ya kai mutumin da ya riga ya san aikinsa da tsarinsa zuwa reshensa na Birtaniya na wani lokaci, sannan ya dawo da shi. Daga nan duk sharuɗɗan suka samo asali. Tun da hujjar kamfani ita ce mutumin nasu ne kuma ƙwararre ne, hukuma tana neman shaida biyu: daɗewarsa a wurinsu, wadda ke nuna nasu ne, da girman albashinsa, wanda ke nuna ƙwarewar.

Bari mu fara da daɗewar, domin ita ce za ta ɗage maka tafiya. Doka ta ce a ranar da mutum zai shigar da takardar neman biza, dole ne ya kasance yana aiki da rukunin kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsa, kuma ya riga ya tara wata goma sha biyu yana yi musu aiki a wajen Birtaniya. Abin da ake nufi da rukuni shi ne kamfanonin da mallaka ɗaya ko iko ɗaya ya haɗa su, kamar uwar kamfani da reshenta, ko rassa biyu masu uwa ɗaya, ko kuma haɗin gwiwar da aka ƙulla a rubuce domin aikin da za a tura mutumin. Bai isa a ce alaƙar tana nan ba. Sai reshen Landan ya sanar da hukuma ita, ta amince, an sanya kamfanin Abuja cikin lasisinsa na ɗaukar nauyin ma'aikata. Wannan ce tambayar farko da ya kamata ka yi wa ofishin kula da ma'aikata, domin na sha ganin an gama shirya mutum tsaf, sai a gano reshen Najeriya bai taɓa shiga lasisin ba, a koma ana jiran hukuma ta amince da ƙarin.

Yanzu ka duba wata biyar ɗinka na farko da wannan ma'auni. Teburi ɗaya ka zauna, shugaba ɗaya ya ba ka umarni, aiki ɗaya ka yi, amma takardar ɗaukarka aiki da takardun albashinka na waɗannan watanni suna ɗauke da sunan wani kamfani dabam, wanda ba ya cikin rukunin. Kuɗin da ya riƙa shiga asusunka ma daga asusunsa ya fito. Jami'in biza bai san teburin da ka zauna ba, takarda yake karantawa. Idan ya nemi shaidar wata goma sha biyu, abin da ake miƙa masa shi ne takardun biyan albashi, ko bayanan asusun banki da ke nuna shigar albashin, kuma idan takardun albashin daga na'ura aka ciro su, sai a haɗa da wasiƙar wani babban jami'in kamfani da ke tabbatar da sahihancinsu. Naka biyar na farko za su nuna cewa ma'aikacin wani ne kai a lokacin. Shawarata ita ce kada ka ɗora neman biza a kan waɗannan watanni ko kaɗan, ko da wani a ofis ya ce ai za a rubuta wasiƙa a bayyana cewa tun can aikinsu kake yi. Wasiƙa ba ta goge sunan da ke saman takardar albashi. Wannan matsala ta fi damun ma'aikatan bankuna da kamfanonin sadarwa da na mai a Najeriya, inda ya zama ruwan dare mutum ya shekara biyu ko uku yana kwantiragi kafin a tabbatar da shi, ya ɗauka shekarunsa biyar a kamfani, alhali a takarda biyu ne.

To, ƙirga naka yana farawa ne daga 1 ga Fabrairu, kuma da ba ka fita ba, zai cika a ƙarshen Janairu mai zuwa. Sai dai mako ukun da ka yi a Landan a watan Yuni ba aiki ne a wajen Birtaniya ba. Bai yanke maka jerin watannin ba, domin kana nan a matsayin ma'aikacinsu, amma bai ƙaru a cikin lissafin ba. A nan akwai bambanci da mutane suke ruɗewa a kai. Wata goma sha biyun ba dole ba ne su zo a jere, ana iya tara su a tsawon kowane lokaci, muddin aikin da kake yi wa rukunin bai yanke ba tun daga farkon ƙirgar har zuwa ranar neman biza. Abin da ba ya halatta ya yanke shi ne zamanka ma'aikacinsu. Wanda ya yi shekara uku a kamfani, ya ajiye aiki ya tafi wani wuri wata huɗu, sannan aka sake ɗaukarsa, ƙirgarsa ta koma sifili daga ranar dawowarsa. Doka ta keɓe wasu hutu da ba a ɗaukarsu a matsayin yankewa, kamar hutun haihuwa, da na rashin lafiya, da yajin aikin da aka shirya bisa doka. A naka lissafin, idan ka ƙara mako uku a kan ƙarshen Janairu, ka isa kusan 21 ga Fabrairu. Ni dai zan ce a bari Fabrairu ya ƙare gaba ɗaya, albashin watan ya shiga, ya zama kana riƙe da takardun albashi goma sha uku masu sunan kamfanin. Jinkirin mako ɗaya ya fi sauƙi a kan a ƙi bizar, kuɗin nema ya tafi.

Wannan yana nufin Janairu ba zai yiwu ba. Reshen Landan zai fitar maka da Certificate of Sponsorship, wato lambar ɗaukar nauyi, wadda ba takarda ce ta hannu ba, lamba ce a na'ura mai ɗauke da sunan aikinka, da lambar sana'arsa, da albashi, da sa'o'in aiki, da ranar farawa da ta gamawa. A cikinta ne kamfani yake tabbatar da cewa ka cika wata goma sha biyu, don haka bai kamata ya fitar da ita kafin maganar ta zama gaskiya ba. Daga ranar da aka fitar da ita kana da wata uku ka shigar da nema. Mai nema daga Najeriya kuma yana buƙatar takardar gwajin tarin fuka daga asibitin da hukumar Birtaniya ta amince da shi, wadda ke aiki wata shida, saboda haka ita kam za ka iya yin ta tun a Janairu. Amsar biza daga wajen Birtaniya takan ɗauki kimanin mako uku bayan an ɗauki hoto da zanen yatsu. Idan aka shigar a farkon Maris, farkon Afrilu ne ranar fara aiki da hankali zai kwanta da ita.

Akwai ƙofa ɗaya da ke tsallake sharaɗin daɗewa: wanda albashinsa ya kai fam 73,900 a shekara ba a neman wata goma sha biyu daga gare shi, ya isa kawai ya kasance ma'aikacin rukunin a lokacin nema. Tazarar da ke tsakanin wannan adadi da tayinka ta yi yawa, kuma idan wani ya kawo shawarar a rubuta babban adadi a kan lambar ɗaukar nauyi sannan a riƙa biyan ƙasa da shi, ka ƙi. Hukumar shige da fice tana iya duba abin da ake biyanka ta bayanan haraji, kuma idan aka soke lasisin kamfani, bizar duk wanda yake ƙarƙashinsa takan ragu zuwa kwana sittin.

Sai albashi, inda kuskuren ya fi ɓuya, domin a ido fam 57,000 ya haura abin da ake nema. Daga 22 ga Yulin 2025 mafi ƙarancin albashi a wannan biza fam 52,500 ne a shekara. Adadin yana hawa kusan kowace shekara: fam 42,400 ne a 2022, ya koma 45,800 a 2023, sannan 48,500 a 2024, don haka a duba wanda ke aiki a ranar da za a fitar da lambar ɗaukar nauyi. Amma abin da hukuma ke aunawa da wannan adadi ba jimillar da ke ƙasan wasiƙar tayi ba ce. Tana da nata lissafin na abin da ya cancanci a kira albashi.

Abin da ake ƙirgawa shi ne ainihin albashi kafin a cire haraji, da alawus ɗin da aka ba da tabbacin biya a duk tsawon zamanka, kamar alawus na tsadar rayuwa ko na zaman Landan. Wannan sassauci ne da bizar ta keɓanta da shi, saboda an san ma'aikacin da aka tura waje yawanci albashinsa na gida ake barin masa, a ɗora alawus a kai. Abin da ba a ƙirgawa shi ne duk kuɗin da zai iya zuwa ko ya ƙi zuwa, da duk wanda mayar da kashewa ne: bonas, da kuɗin ƙarin lokaci, da kason da kamfani ke zuba maka a fansho, da inshorar lafiya, da tikitin jirgi, da kuɗin biza da kamfani ya biya a madadinka. Saboda haka bonas ɗinka na fam 4,000 ya fita nan take, saura fam 53,000.

Da a nan lissafin ya tsaya, da ka tsira da fam 500. Amma alawus na gida yana da nasa iyaka: ba a yarda ya wuce kashi 30 cikin ɗari na jimillar albashin da ake ƙirgawa. Yadda ake lissafa shi ne yake rikita har ma'aikatan ofishin albashi. Mutum zai ɗauki fam 53,000, ya fitar da kashi 30, ya sami fam 15,900, ya haɗa da 35,000, ya ce 50,900. Hanyar da ta dace ta fi haka tsauri. Idan gida ba zai wuce kashi 30 ba, to sauran albashin dole ya zama aƙalla kashi 70 na jimillar. Sauran naka fam 35,000 ne. Ka raba 35,000 da 0.7, ka sami fam 50,000. Wannan ita ce jimillar da hukuma za ta gani, wato daga fam 18,000 na gida, fam 15,000 kaɗai aka karɓa, dubu uku sun zube. Tayin da aka rubuta fam 57,000 ya koma fam 50,000 a ma'aunin biza, ya gaza da fam 2,500.

Gyaran wannan bai buƙatar kamfani ya ƙara jimillar tayin. Idan aka ɗauke fam 3,000 daga alawus na gida aka mayar cikin ainihin albashi, za ka sami fam 38,000 da fam 15,000. Jimilla fam 53,000, gida ya zama kusan kashi 28 cikin ɗari, duka ya shiga lissafi, ka haura 52,500. Kamfanoni sukan yi jan ƙafa a nan, domin sun fi son kuɗin ya zauna a alawus, wanda ke faɗuwa da kansa ranar da mutum ya dawo gida, a kan ya shiga albashin da zai yi wuyar ragewa daga baya. Idan haka ne damuwarsu, ana iya mayar da dubu ukun alawus na zaman ƙasar waje mai tabbas a kowane wata, wanda ba na gida ba ne, kuma shi ma yana shiga lissafi. Muhimmin abu shi ne a rubuta shi a wasiƙar tura ka aiki a matsayin abin da za a biya ba tare da wani sharaɗi ba, har ranar ƙarshe.

Ko da an haura fam 52,500, akwai ma'auni na biyu, kuma wanda ya fi girma a cikin biyun shi ne yake aiki. Kowace sana'a tana da lamba mai alƙaluma huɗu a jadawalin hukuma, kuma kowace lamba tana da albashin da aka ɗauka shi ne na kasuwa a wannan sana'a. Aikin kuma dole ya kasance a matakin mai digiri, ko da yake ba a neman takardar digirin a hannunka. Albashin kasuwar an lissafa shi ne a kan sa'a 37.5 a mako, kuma ana daidaita shi da sa'o'in da ke cikin kwantiraginka. Mu ƙaddara, don misali kawai, jadawalin ya ce fam 51,000 ga lambar da aka ba aikinka. Kana ganin fam 53,000 ya wuce shi. Amma idan kwantiragin ya ce sa'a 40 a mako, kamar yadda aka saba rubutawa a Najeriya, sai a ninka 51,000 da 40 a raba da 37.5, a sami fam 54,400, ka sake faɗowa ƙasa. Sau da yawa ofishin Landan ɗin da kansa sa'a 37.5 ko 35 yake aiki, an kwafo 40 ne kawai daga tsohuwar takardar Abuja ba tare da an lura ba. Ka nemi a faɗa maka lambar sana'ar da za a sa, ka buɗe jadawalin ka ga adadin da idonka, sannan ka tabbatar sa'o'in da aka rubuta su ne ainihin waɗanda za ka yi. Kada kuma a zaɓi lamba mai araha wadda ba ta dace da aikinka ba domin a sauƙaƙa lissafi, domin jami'i yana da ikon ƙin biza idan bayanin aikin da lambar ba su jitu ba.

Wani abu da ya shafe mu musamman: wasu kamfanoni sukan ci gaba da biyan wani ɓangare na albashin a naira, a asusun gida. Hakan ba laifi ba ne, amma a fam ake rubuta shi a lambar ɗaukar nauyi, bisa canjin ranar. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi bayan watan Yunin 2023 ya san abin da hakan ke nufi ga albashin da ya haura iyaka da fam 500 kacal. Idan za a raba biyan gida biyu, ka nemi a rubuta jimillar a fam, kamfani ya ɗauki nauyin cike giɓin canji.

Kafin ka sa hannu, ka san iyakar abin da wannan biza take bayarwa. Wanda albashinsa bai kai fam 73,900 ba, shekara biyar zai iya yi a cikin kowace shekara shida, wanda ya kai kuma shekara tara a cikin goma. Ba a neman jarrabawar Turanci, kuma matarka da 'ya'yanka 'yan ƙasa da shekara 18 suna iya bin ka. Za ka nuna fam 1,270 a asusunka na kwana 28 a jere, sai dai idan kamfani ya tabbatar a lambar ɗaukar nauyi cewa ya ɗauki nauyin watan farko, kuma akwai kuɗin lafiya na fam 1,035 a kowace shekara ga kowane baligi, wanda ake biya dunƙule tun wajen nema. A fayyace tun yanzu wa zai biya shi, domin ga mai iyali da zai yi shekara uku kuɗi ne mai nauyi. Abin da bizar ba ta bayarwa shi ne zaman dindindin. Ita ba ta kai mutum can, kuma bizar a ɗaure take da wannan rukuni da wannan aiki.

Saboda haka, idan kamfanin ya nace lallai Janairu, ko kuma kai niyyarka zama mai tsawo ce, ka tambaye su ko lasisinsu ya haɗa da Skilled Worker. Wannan hanya ba ta neman ko wata ɗaya na aikin baya, mafi ƙarancin albashinta fam 41,700 ne tun Yulin 2025, kuma ita ce mai kai wa ga zaman dindindin. Sai dai tana neman shaidar Turanci, albashin kasuwar da take amfani da shi ya fi na bizar canjin wurin aiki tsada a sana'a ɗaya, kuma, abin da ya fi shafarka, ba ta ƙirga alawus. A can fam 35,000 ɗinka kaɗai za a gani, don haka sai an narkar da alawus na gida cikin ainihin albashi har ya kai adadin da ake nema kafin a fara magana. Kamfanin da ya yi jan ƙafa a kan fam 3,000 da wuya ya yarda da wannan cikin sauƙi, shi ya sa a ganina hanyar da ta fi kusa gare ka ita ce a gyara rabon albashin yanzu, a tabbatar da lambar sana'a da sa'o'in aiki, ka yi gwajin tarin fuka a Janairu, a fitar da lambar ɗaukar nauyi a makon farko na Maris.